Ƙararrawar minti 25 tana katse mini aiki, in ci gaba ko in bari?

Tambaya: Malam, ni akanta ne a wani kamfanin rarraba kaya, da dare kuma ina karatun jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantocin Najeriya. Na fara amfani da tsarin Pomodoro, aiki minti 25 hutu minti 5. A karatu da shigar da rasidai yana mini amfani sosai. Amma idan ina daidaita littafin kuɗi da takardar banki, da zarar na fara gano bakin zaren sai ƙararrawa ta kaɗa, in na dawo komai ya watse. Laifina ne ko na tsarin? Ya zan yi?

Amsa: Ba laifinka ba ne, tsarin ma bai lalace ba. Mudu ɗaya kake auna kaya iri biyu da shi. Abin da ya kamata ya yanke tsawon zango shi ne mintunan da aikin yake ci kafin kanka ya shiga cikinsa, kuma wannan ya bambanta ƙwarai tsakanin shigar da rasidi da farautar kuskure a lissafi.

Yana da kyau a san inda 25 ɗin ta fito. Wani ɗan Italiya ne, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro tsarin a ƙarshen shekarun 1980 lokacin yana ɗalibin jami'a yana fama da rashin iya zama ya yi karatu. Ya ɗauki ƙaramin agogon kicin mai siffar tumatir, irin wanda ake murɗawa don kada girki ya ƙone, kuma pomodoro a Italiyanci tumatir ke nan. Ƙa'idarsa ita ce aiki minti 25, ɗan hutu na minti 3 zuwa 5, bayan zango huɗu kuma hutu mai tsawo na minti 15 zuwa 30. Zango ba ya rabuwa, in an katse shi ya ɓaci, sai a sake daga farko. Lura da cutar da aka haɗa maganin dominta: mutumin da ya kasa farawa, ko ya fara amma hankalinsa ba ya zama. Minti 25 adadi ne da mai shi ya ga ya yi masa daidai a aikace. Ba wani ma'auni ba ne da aka gano a ƙwaƙwalwar ɗan Adam wanda dole kowane aiki ya bi.

Shi ya sa yake yi maka aiki a karatu da rasidai. Babin haraji da kake gudu, in ka ce wa ranka minti 25 kawai za ka ba shi, sai ya yarda, domin ya hango ƙarshen wahalar. Agogo mai tafiya kuma yana hana ka miƙa hannu ga waya, tunda saura minti 9 kowa zai iya jurewa. Sannan rasidi ba ya buƙatar ka riƙe komai a ka. Ka shigar da na 40, ka tashi, ka dawo ka ɗauki na 41, babu abin da ya ɓace. A irin wannan aikin hutun riba ce tsantsa, domin aikin maimaici ne ke kashe ido, kuma a nan ne ake rubuta 6 a gurbin 9.

Daidaita lissafi wani abu ne daban. Bari mu ɗauki misali mu bi shi. A ce ƙarshen wata ne, littafinka ya fi takardar banki da naira 27,000, kuma layukan watan sun kai 600. Ka fara da abubuwan da aka saba: cajin banki da ba a shigar ba, cak ɗin da aka bayar amma ba a kai banki ba, kuɗin da aka zuba a ranar ƙarshe bai bayyana ba. Ka cire su, 27,000 tana nan. Sai ka raba ta biyu, ka nemi 13,500, ko an saka ta a ɓangaren da ba nata ba, domin kuskuren ɓangare yana ninka bambanci. Babu. Sai ka raba ta da 9, ta ba ka 3,000 cif, wanda ke nuna wataƙila an juya lambobi biyu ne, kamar a rubuta 152,000 maimakon 125,000. Yanzu kana bin layuka kana neman adadin da lambobinsa biyu na maƙwabtaka suka bambanta da 3, ka kai layi na 214, kuma a gefen zuciyarka kana riƙe da cewa wani dila ya biya sau biyu a mako na biyu, akwai kuma wani rasidi da ranarsa ba ta yi maka daidai ba.

Ƙirga abin da ke kanka a wannan lokacin: zaton da ka kore, zaton da kake gwadawa, inda ka tsaya, da abubuwa biyu da kake tuhuma. Babu ko ɗaya daga cikinsu a takarda. Ma'ajiyar da ƙwaƙwalwa ke riƙe abin da ake aiki da shi nan take ƙarama ce, masu bincike irin su Nelson Cowan sun ƙiyasta ta da kimanin abu huɗu a lokaci guda, kuma abin da ke cikinta yana zama ne muddin hankali na kansa. Ƙararrawa ta kaɗa, ka tashi, wani ya tambaye ka ko an biya direba, ka duba saƙo biyu. Ka dawo, allon yana nan yadda ka bar shi, amma ginin da ke kanka ya rushe. Sai ka sake duba cajin banki da ka riga ka gama da shi, don ba ka tabbata ba.

Akwai ƙari a kan wannan. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar wani aiki ya koma wani, musamman in na farkon bai kammala ba, wani ɓangare na hankalinsa yana maƙalewa a can, sai aikin na biyu ya samu ragowa. Wannan yana cin ka a hutu fiye da yadda kake zato. Saƙon da ka buɗe ba ka amsa ba a minti 5 ɗin nan ya zama aiki mara kammala, kuma zai biyo ka cikin zango na gaba.

To mu sa lissafi, tunda sana'arka ce. Adadin da zan yi amfani da su na misali ne, naka za ka auna da kanka. A ce shiga aikin daidaitawa karon farko yana cin minti 12, kowace dawowa daga hutu kuma tana cin minti 8. Kana da awa biyu. In ka yi zango huɗu na 25 da 5, zaman aiki minti 100 ne, amma ka biya kuɗin shiga sau huɗu: 12 da 8 sau uku, minti 36 ke nan. Abin da ya rage na aiki mai zurfi 64 ne, kuma a gutsure, babu guntun da ya wuce minti 17. In ka yi zango biyu na 50 da hutun 10, zaman dai minti 100 ne, hutun ma minti 20 ne kamar wancan, amma kuɗin shiga 20 ne kawai, ka samu minti 80 a dunƙule biyu, 38 da 42. Tsawon guntun ya fi jimillar muhimmanci. Akwai kuskuren da sai ka riƙe zare minti 30 a jere za ka kama shi, kuma guntayen da ba su wuce minti 17 ba ba za su taɓa haɗuwa su zama 30 ba, kamar yadda tsalle biyu ba ya haye rijiya. A wajen rasidai kuwa, inda shiga ke cin minti 1, bambancin 96 ne da 98. Bai kai a yi magana ba, gara ka ci ribar yawan hutu.

Abin da nake ba da shawara a kai, kuma wannan hukunci ne na aiki ba sakamakon wani bincike ba, shi ne zango ya kai aƙalla ninki huɗu na lokacin shiga. Aikin da ake shiga cikin minti 5 ko ƙasa, 25 ta ishe shi. Wanda ke cin 10 zuwa 15 yana son 50 zuwa 60. Wanda ke cin 20, kamar haɗa rahoton ƙarshen shekara ko warware doguwar tambayar haɗa asusun kamfanoni a jarrabawa, yana son 80 zuwa 90.

Auna lokacin shiga ba shi da wuya. Mako ɗaya, ka ajiye takarda a gefe. Duk zaman da za ka yi, rubuta lokaci uku. Na farko lokacin da ka zauna. Na biyu lokacin da ka yi abin farko na gaske, wato ka kore wani zato ko ka yanke hukunci a kan wani layi, ba buɗe fayil da jera takardu ba. Na uku lokacin da hankali ya fara zamewa, kuma alamarsa a bayyane take: ka karanta layi ɗaya sau biyu bai shiga ba, ko ka ga hannunka a kan waya ba ka san sa'ad da ya tafi ba, ko ka danna adadi a kalkuleta ka manta me kake nema. A waɗannan zaman gwaji kada ka saka ƙararrawa, agogo mai ƙirga gaba za ka kunna. Tsakanin na farko da na biyu shi ne kuɗin shigarka. Tsakanin na farko da na uku shi ne iyakar zangonka a wannan aikin, a wannan lokaci na yini. Za ka ga na safe ya fi na bayan cin abincin rana tsawo, wani lokaci da nisa. Ka saita zangonka ƙasa da wannan iyakar da kamar minti 5, domin hutun da aka ɗauka kafin gajiya ta kama ya fi saurin mayar da mutum.

Yanzu ga abin da ya fi canza tsawon zango amfani, kuma mafi yawan masu amfani da tsarin ba sa yi. Kafin ka tashi, ko ƙararrawa ce ta tashe ka ko kiran salla ko oga, ka kashe minti 1 ka sauke abin da ke kanka a takarda. Ba taƙaitawa ba, ainihin inda kake. A misalinmu zai zama kamar haka: “Bambanci 27,000, littafi ya fi. Caji, cak da 13,500 duk na duba, babu. Ina gwada juyin lamba, na tsaya a layi na 214. In bai fito ba, duba biyan dila sau biyu a mako na 2, da rasidin da ranarsa ta saɓa. Abin farko in na dawo: layi na 215.” Jimla ta ƙarshe ita ce mafi tsada, domin ita ke hana ka zama kana kallon allo kana tunanin ta ina za ka faro. Leroy da abokiyar aikinta Theresa Glomb sun gwada irin wannan gajeren shirin dawowa a binciken da suka wallafa a 2018, suka ga yana rage maƙalewar hankali a aikin da aka bari. A aikace kuma yana rage kuɗin dawowa sosai. Wanda ke cin minti 8 zai iya komawa 2 ko 3, kuma in haka ta samu, ko zangon 25 ma ba zai yi ɓarnar da yake yi maka yanzu ba.

Kada ka ɗauka daga nan cewa maganin shi ne a jefar da agogo a zauna sai an gama. Dogon zama ba tare da wani abu da zai taɓa ka ba yana da nasa ciwon, kuma akantoci sun san shi. Mutum ya kafe cewa juyin lamba ne, ya bi layi 600 sau biyu, awa biyu da rabi ta tafi, alhali bambancin haɗuwar kurakurai biyu ne, ɗaya ya ƙara 30,000 ɗaya ya rage 3,000, ya yi kama da juyin lamba ne kawai don 27,000 na rabuwa da 9. Wanda ya nutse yana jin daɗin nutsewar, kuma daɗin ba ya gaya masa ko hanyar da ya kama mai ɓullewa ce. A nan ƙararrawa tana da aiki, amma aikinta tambaya ce ba umarni ba. In ta kaɗa, ka tambayi kanka abu ɗaya: a minti 10 da suka wuce, na kore wani zato ko na matsa gaba? In eh, ƙara minti 15, sau ɗaya ko biyu, ba fiye ba. In kana zagaye wuri ɗaya ne, tashi ko da zangon bai cika ba. Matsalar da ta cije sau da yawa tana sakin jiki ne bayan an ɗan bar ta, saboda zaton da ya toshe hanya yana yin sanyi, sai wani ya samu wurin fitowa. Wato hutu yana cutar da wanda ke tafiya, yana taimakon wanda ya tsaya cik, agogo kuwa bai san wanne ne kai ba.

Don haka ka canza irin ƙararrawar. Mai ƙara da firgitarwa tana rushe abin da ke ka kafin ka samu damar rubuta shi. Sa mai girgiza sau ɗaya ko sauti mai laushi. Ka kuma juya fuskar agogon, domin mai kallon saura minti 4 ba ya fara sabon zato, sai ya zauna yana jiran ƙararrawa, mintunan ƙarshen kowane zango su tafi a banza. In da hali kada waya ta zama agogon. Duk taɓa ta don kashe ƙararrawa gayyata ce.

Hutun kansa yana da sharaɗi, kuma ya danganta da abin da za ka koma. In rasidai ne, yi abin da ka ga dama, in dai ka dawo kan lokaci. In aiki mai zurfi ne, hutun ya zama wanda babu sabon bayani a cikinsa: miƙewa, shan ruwa, alwala, taka ƙafa zuwa bakin ƙofa, kallon nesa don ido ya huta. Ban da saƙonni, ban da labarai, ban da hirar da za ta bar maka wani aiki. Mutane da yawa da ke cewa hutun minti 5 yana watsa su, ba hutun ba ne, abin da suka zuba a cikinsa ne. Kuma hutun waya ba ya tsayawa a 5, kai ma ka sani.

Akwai ƙa'idar Cirillo guda ɗaya da zan ce ka sassauta a ofis, wato soke zango duk lokacin da aka katse shi. A ɗakin karatu tana horar da mutum. A ofishin da direba, mai sito da oga ke shigowa, za ka wuni kana sokewa har ka tsani tsarin. Amma ka riƙe ɗaya dabarar tasa: in tunanin wani aiki ya faɗo maka, yi ɗan alama a takarda, rubuta shi a gefe, ci gaba. In mutum ne ya zo, gaya masa kana tsakiyar abu, ku tsayar da lokacin da za ka neme shi, ka rubuta, kuma ka cika. Cikawar ce ke sa gobe ya yarda ya jira. Bayan mako ɗaya ka ƙirga alamomin. In mafi yawa daga cikinka suke fitowa, gajeren zango ne maganinka. In daga waje suke, tsawon zango ba zai gyara komai ba, sai ka nemi lokacin da ƙofa ba ta buɗuwa, kamar sa'ar farko kafin ofis ya cika.

Wani tarko kuma shi ne ƙirga zango a matsayin nasara. Mutum ya ce yau na yi 14, ka duba ka ga duk a kan saƙonni da gyaran jadawali suka tafi, domin su ne ke shiga minti 25 cikin sauƙi, babban aikin kuwa yana nan ba a taɓa ba. Zango 14 na aiki mai zurfi ma ba abu ne da jiki ke ɗauka kullum ba. Binciken Anders Ericsson da abokansa na 1993 a kan ɗaliban goge na Turawa a makarantar kiɗa a Berlin ya nuna cewa ko mafi ƙwarewarsu atisayen da ke buƙatar cikakken hankali bai cika wuce kimanin awa huɗu a yini ba, kuma a rarrabe suke yin sa da hutu a tsakani. Kai da ke da karatun dare a gaba, in ka ƙone wannan kason duka a ofis, abin da za ka kai wa littafi ido ne kawai.

Ga yadda zan tsara maka ranar ƙarshen wata. Da safe, kafin hayaniya, zango biyu na minti 50 da hutun 10 don daidaitawa, da takardar dawowa kafin kowane tashi, da izinin ƙarin 15 in zaren yana hannunka. Kada ka fara irin wannan zangon saura minti 20 a kira Azahar ko a shiga taro, ka cike wannan gurbin da rasidai. Bayan abincin rana, lokacin da jiki ya yi nauyi, koma 25 da 5 don shigar da bayanai, amsa saƙonni da bin bashi. Da dare ka raba karatun gida biyu. Karanta ƙa'idoji, haddace ma'anoni da gajerun tambayoyi, 25 da 5 ta dace da su, har ma ka yi amfani da minti 3 na ƙarshe ka rufe littafin ka faɗi abin da ka karanta da ka. Dogayen tambayoyin lissafi kuwa ka ba kowace lokacin da makinta ya cancanta a zauren jarrabawa, ka yi ta a zama ɗaya. Makonni kaɗan kafin jarrabawar, ka riƙa zama aƙalla sau ɗaya a mako kana yin cikakkiyar takarda ta baya daga farko zuwa ƙarshe ba hutu, domin wanda ya saba tashi duk minti 25 jikinsa zai nemi tashin a zaure, kuma can babu mai kaɗa masa ƙararrawa sai ta ƙarshe.